Gida Ɗaya, Muryoyi Barkatai: Yadda Ake Gano Saɓanin Salon Magana a Gidan Yanar Gizo

Ba safai mutum ɗaya ke rubuta dukan shafukan da ke gidan yanar gizon makaranta, asibiti, banki ko ƙungiya ba. Shugaba kan rubuta tarihin wurin, akanta ya rubuta bayanin biyan kuɗi, matashin da ya gina gidan yanar ya cike guraben da suka rage, bayan shekara biyu kuma wani sabon ma'aikaci ya ƙara nasa. Kowannensu yana da irin bakinsa. Wani mai fara'a ne, wani ya saba da harshen takardun ofis, wani kuwa fassara ya yi daga Turanci bai sake waiwayar abin da ya rubuta ba. Shi mai karatu bai san da wannan rabon aiki ba. A wurinsa ma'aikatar ce ke yi masa magana daga shafin farko zuwa na ƙarshe, don haka idan aka tarbe shi da maraba a nan aka ɗaure masa fuska a can, ma'aikatar zai ɗora wa laifin.

Abin da ya sa matsalar ke daɗewa ba a gano ta ba shi ne kowane shafi, idan aka karanta shi shi kaɗai, yana iya zama daidai. Babu kuskuren nahawu, babu bayanin ƙarya. Saɓanin yana zaune ne a tsakanin shafukan, kuma masu rubutun ba su cika bi ta wannan tsakani ba, domin kowa nasa shafin yake buɗewa ya gyara.

Bambancin da ya halatta da wanda bai halatta ba

Ba kowane sauyin salo ne aibi ba, kuma mai bincike da bai rarrabe wannan ba zai ɓata shafuka masu kyau da sunan gyara. Masu wannan sana'a sukan raba abu biyu. Akwai muryar ma'aikata, wato halinta da ba ya sauyawa: yadda take kiran mai karatu, yadda take ambaton kanta, irin girman da take ba mutane. Akwai kuma yanayin magana, wanda ke sauyawa gwargwadon abin da ake magana a kai. Asibitin da ya yi murnar buɗe sabon ɗakin haihuwa da kalmomin farin ciki ba zai yi bayanin karɓar gawa da irin waɗannan kalmomi ba, kuma hakan shi ne daidai. Kamfanin Mailchimp na Amurka, wanda ya wallafa kundin salon rubutunsa a fili, a kan wannan rabo ya gina shi: murya ɗaya ce, yanayi kuwa yana bin halin da mai karatu ke ciki.

Saboda haka tambayar da ake yi wa kowane sauyi ita ce: abin da ake magana a kai ne ya kawo shi, ko hannun da ke rubutu ne ya sauya? Idan shafin biyan kuɗi ya fi shafin farko nauyi domin batun kuɗi na buƙatar a fayyace komai, babu laifi. Idan kuwa ya koma tsawa da barazana domin wanda ya rubuta shi ya gaji da masu taurin bashi, wannan saɓani ne.

A shekarar 2016 kamfanin Nielsen Norman Group, mai nazarin yadda mutane ke amfani da intanet, ya fitar da ma'auni huɗu na salon magana: tsakanin harshen ofis da na hira, tsakanin raha da nutsuwa, tsakanin girmamawa da rashin damuwa da ita, sannan tsakanin zumuɗi da faɗin abu yadda yake. Amfanin waɗannan ma'aunai shi ne suna fitar da mutum daga cewa "shafin nan bai yi mini ba" zuwa faɗin inda ya karkata. Sai dai don Turanci aka tsara su. A rubutun Hausa, ma'aunin girmamawa ya fi sauran ukun nauyi nesa ba kusa ba, kuma alamominsa a bayyane suke cikin nahawun harshen kansa.

Yadda ake shirya binciken

Karanta shafuka ɗaya bayan ɗaya bisa jerin da ke saman allo ba ya fito da saɓani sosai, domin babu baƙon da ke karatu haka. Abin da ya fi shi ne a zaɓi buƙata guda ta mutum guda, a bi hanyar da zai bi har ya biya ta. Uba mai neman sa ɗansa makaranta zai taɓa shafin farko, na sharuɗɗan shiga, na kuɗin makaranta, fom ɗin rajista, da saƙon da ke fitowa bayan ya danna tura. Waɗannan shafuka biyar, a jere, su ne hirar da ma'aikatar ta yi da shi.

Mataki na biyu shi ne a kwafe rubutun duka a zuba shi cikin takarda ɗaya tsirara, ba hoto, ba launi, ba tambari. Ado iri ɗaya yana ruɗar ido ya ɗauka maganar ma iri ɗaya ce. Da zarar an tuɓe adon, sai rubutun ya tsaya da ƙafarsa. Daga nan sai a karanta shi da murya, ko a sa wanda ba ya cikin marubutan ya karanta a saurara. Kunnen Bahaushe yana saurin kama inda aka tashi daga lallashi aka koma umarni, ko da ido ya wuce wurin bai tsaya ba. Duk inda mai karantawar ya sauya murya ba tare da ya yi niyya ba, ko ya tsaya ya maimaita jimla, a sa alama.

Mataki na uku shi ne ya fi kowanne amfani, kuma shi aka fi tsallakewa: a tattara jimlolin da ke aiki iri ɗaya daga shafuka daban-daban a jera su ƙarƙashin juna. Duk jimlolin gaisuwa wuri ɗaya, duk na neman mai karatu ya yi wani abu wuri ɗaya, haka na hani, na ba da haƙuri, da na ambaton kuɗi. Kwatanta shafi da shafi yana da wuya domin batutuwansu sun bambanta. Kwatanta hani da hani kuwa ba ya barin wata mafaka, tun da aikin ɗaya ne, duk bambancin da ya rage na baki ne.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauka wani ƙaramin asibiti ne mai zaman kansa, wanda mutum huɗu suka rubuta shafukansa na Hausa, kuma wadda ake bin sawunta mace ce mai juna biyu da ke son fara awo. Shafin farko ya tarbe ta da cewa: "Barka da zuwa! Muna farin cikin ganin ku. Lafiyarku ita ce burinmu." Ta shiga shafin awon ciki, wanda ungozoma ta rubuta: "Idan kin ga jini ko kin ji ciwon kai mai tsanani, kada ki jira ranar awo, ki zo nan take." Ta wuce shafin kuɗi: "Wajibi ne majinyaci ya biya kuɗin kati kafin ganin likita. Hukumar asibiti ba za ta lamunci jinkiri ba." Ta cike fom, ta manta lamba ɗaya a lambar wayarta, sai allo ya nuna mata: "Kuskure! Shigarwa mara inganci."

Abu na farko da ke fitowa shi ne yadda ake kiran ta. A shafuka huɗu an kira ta da "ku", an kira ta da "ki", an mayar da ita "majinyaci" da ake ba da labarinsa a matsayin namiji, sannan a ƙarshe ba a kira ta da komai ba. A Hausa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Turanci yana da wakilin suna ɗaya ga duk wanda ake yi wa magana, Hausa kuwa tana tilasta wa marubuci ya zaɓa tsakanin kai, ke da ku, ko ya kauce ya ce "a cike fom", ko "mutum ya cike fom". Kowane zaɓi yana ɗauke da matsayi. "Ku" tana girmamawa kuma tana ɗaukar mace da namiji. "Ka" tana kusantowa amma tana barin mata a waje. "A" ba ta ɓata wa kowa, sai dai tana da sanyi. Marubuta huɗu da ba su zauna sun yi shawara ba kusan tabbas ne za su yi zaɓi daban-daban, shi ya sa wakilin suna ne wurin da ya kamata a fara dubawa a duk rubutun Hausa.

Amma ba duka huɗun ne laifi ba. "Ki" ɗin ungozoma tana da hujja: shafin na mata ne zalla, maganar kuma ta gaggawa ce da ke buƙatar ta shiga kunne kai tsaye. Mai bincike nagari zai rubuta ta a matsayin sauyin da batu ya kawo, ya bar wa asibitin ya yanke ko zai amince da ita a matsayin keɓancewa. "Majinyaci" ɗin shafin kuɗi kuwa ba shi da irin wannan hujja. Mai ciki da ta zo awo ba jinya take ba, kuma babu abin da ke cikin batun kuɗi da ya hana a yi mata magana fuska da fuska.

Abu na biyu shi ne yadda asibitin ke ambaton kansa. A shafin farko "mu" ne, masu farin ciki da buri. A shafin kuɗi ya zama "hukumar asibiti". Wannan sauyi yana da wani tsari da ake yawan gani: ma'aikata takan ce "mu" a wurin alheri, ta ɓuya bayan "hukuma" ko "an yanke shawara" a wurin da ba daɗi. Mai karatu yana jin wannan ja da baya ko da bai iya faɗin abin da ya ji ba. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma a shafin kuɗi ne ake gane ko shimfiɗar ta gaske ce.

Abu na uku shi ne nauyin umarni. Hausa tana da matakala a nan: "muna roƙon ku", "da fatan za ku", "ku biya", "sai an biya", "dole ne", "wajibi ne". Idan aka jera jimlolin neman abu daga shafukan asibitin, za a iya tarar da cewa kawo katin rigakafi, wanda ya shafi lafiyar jariri, an neme shi da "da fatan za ku", alhali kuɗin kati an ɗaure shi da "wajibi ne". Nan saɓanin salo ya wuce batun daɗin ji, ya fara ɓatar da mai karatu game da abin da ya fi muhimmanci. Gidan yanar gwamnatin Birtaniya, GOV.UK, wanda aka buɗe a 2012 don haɗa bayanan ma'aikatu masu yawa wuri ɗaya, ya yi wa wannan ƙa'ida: kalmar tilas ta abin da doka ta wajabta ce, ba a yayyafa ta a ko'ina. Duk wata ma'aikata na iya yin irin wannan da kalmomin Hausa.

Abu na huɗu shi ne warin fassara. "Shigarwa mara inganci" ba magana ce da wani Bahaushe zai faɗa wa wani ba. An ɗauko saƙon manhaja ne aka juya shi kalma bayan kalma. Ana gane irin wannan rubutu da yawan sunayen aiki a inda Hausa za ta sa aikatau, da jimlolin da ba a san mai yi ko wanda aka yi wa ba. Bayan rashin daɗi, saƙon bai gaya wa matar abin da ya lalace ba. Da muryar shafin farko aka rubuta shi, da cewa zai yi: "Lambar wayar da kuka sa ba ta cika ba. Ku duba, lamba 11 ce." Haka shafin kuɗi zai iya komawa: "Ku biya kuɗin kati a wurin kashiya kafin ku ga likita. Idan da wata matsala, ku yi mana magana." Sharaɗin yana nan bai ragu ba, wanda ke faɗinsa ne ya koma mutumin da ya yi maraba da farko.

Ƙananan alamomi

Bayan waɗannan huɗu akwai wasu da ake dubawa da sauri. Ɗaya ita ce kalmomin addini da na al'ada: wani shafi ya buɗe da sallama ya rufe da "in Allah ya yarda", wani kuma babu ko ɗaya. Ko wanne ma'aikata ta zaɓa daidai ne gwargwadon jama'ar da take yi wa aiki, abin lura shi ne kada zaɓin ya dogara ga wanda ya zauna gaban kwamfuta ranar. Wata alamar ita ce sunan abu ɗaya da ke sauyawa: "kuɗin kati" a nan, "kuɗin rajista" a can, har mai karatu ya zaci biya biyu ne. Akwai kuma alamar motsin rai, wadda wani marubuci kan jera uku a jimla ɗaya wani kuma bai taɓa sa ta ba.

Karin harshe da ƙa'idar rubutu ba salon magana ba ne kai tsaye, amma suna nuna inda hannu ya sauya. Daidaitacciyar Hausa ta ginu ne a kan karin Kano, sai dai marubuci daga Sakkwato na iya zamewa ya rubuta "shina" a inda wani zai rubuta "yana". Ƙungiyar da ke aiki a Najeriya da Nijar na iya samun "likita" a wani shafi da "lokotoro" a wani, ko 'y a nan da ƴ a can, tun da haka ƙa'idojin ƙasashen biyu suka bambanta a wannan harafi. Wani shafin yana da ƙ, ɗ da ɓ, wani ya rubuta su ba lanƙwasa. Duk inda aka ga irin wannan iyaka, sai a ƙara sa ido, domin sau da yawa salon ma a nan yake karyewa.

Ƙidaya da iyakarta

Idan shafukan sun yi yawa, ƙidaya tana taimakawa wajen nuna inda za a fara. Ƙananan kalmomin da marubuci ba ya lura da su su ne suka fi tona shi. Da irin wannan hanya ce masana lissafi biyu, Frederick Mosteller da David Wallace, a 1964 suka danganta maƙalu 12 da ake gardama a kansu cikin tarin Federalist na Amurka ga James Madison, ta hanyar ƙirga ƙananan kalmomi a rubutunsa da na Alexander Hamilton. Mai duba gidan yanar asibiti ba ya buƙatar lissafi mai zurfi haka. Ya isa ya buɗe takardar da ya tara rubutun, ya danna Ctrl+F, ya nemi "muna", "za ku", "za ka", "dole", "wajibi", "hukuma", ya rubuta sau nawa kowace ta fito a kowane shafi. Shafin da "muna" ba ta fito ko sau ɗaya ba, alhali ta cika sauran, shi ne abin tuhuma na farko.

Ƙidayar tana da tarko a Hausa. Neman "ka" zai kamo "kati", "kashiya" da "kafin" sai an zaɓi neman cikakkiyar kalma. "Ke" ba koyaushe take nufin mace ba, domin ita ce kuma a "abin da ke faruwa". "Kai" na iya zama wakilin suna, ko sashen jiki, ko aikatau. Shi ya sa neman kalma biyu a haɗe, irin "za ki" ko "idan kun", ya fi ba da sakamako mai tsabta. Sannan ƙidaya ba ta jin gatse, ba ta jin raini. Jimla na iya ɗauke da "ku" da "don Allah" amma ta kasance cin fuska ce, kamar a rubuta "don Allah ku riƙa karanta sanarwa kafin ku dame mu da tambaya". Wannan sai kunne.

Wuraren da ake mantawa

Mafi munin saɓani yakan ɓuya a rubutun da babu wanda ya ɗauke shi a matsayin rubutu: kalmomin da ke kan maɓallai, ƙaramin bayanin da ke ƙarƙashin gurbin fom, saƙon kuskure, shafin da ke fitowa idan an nemi abin da babu shi, da saƙon tes ko imel da na'ura ke turawa bayan rajista. Galibi mai gina gidan yanar ne ke rubuta su a gurguje, ko kuma su zo tare da manhajar, wani lokaci ma da Turanci a tsakiyar shafin Hausa. Ba a ganin su sai an jawo su da gangan. Dole mai bincike ya cike fom ba daidai ba, ya bar gurbi fanko, ya rubuta adireshin da babu shi, ya yi rajistar gwaji ya jira saƙon da zai shigo wayarsa. Waɗannan saƙonni suna samun mai karatu ne a lokacin da wani abu ya ƙi masa, lokacin da kalma mai kaushi ta fi yi masa zafi. Tsofaffin sanarwa ma suna cikin wannan rukuni, domin sukan riƙe muryar shugabancin da ya wuce.

Rubuta abin da aka gano

Rahoton da ya ce "shafin kuɗi ya yi tsauri" ba ya gyara komai, gardama kawai yake jawowa, domin wanda ya rubuta shafin bai ji tsaurin ba. Ga kowane wuri, rahoto mai amfani yana kawo jimlar kamar yadda take, shafin da take, jimlar wani shafi mai aiki iri ɗaya da ta saɓa mata, irin saɓanin, da gyaran da ake ba da shawara. Ana ambaton shafi, ba a ambaton marubuci, tun da yawanci babu wanda ya karya wata ƙa'ida. Ƙa'idar ce ba a taɓa kafawa ba.

Ba a iya cewa shafi ya kauce sai an san daga ina ya kauce, kuma salon da ya fi yawa ba lallai ne shi ya fi dacewa ba. Idan shafuka 20 cikin 30 fassara ce mai nauyi, rinjaye bai mayar da ita ma'auni ba. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a zaɓi shafi ɗaya da masu wurin suka yarda cewa haka suke son a ji su, a ciro amsoshi kaɗan daga cikinsa a rubuta a takarda guda: da wane wakilin suna ake kiran mai karatu kuma a ina aka yarda da keɓancewa, yaya ma'aikata ke ambaton kanta, yaushe ake cewa "dole", wane suna aka tsayar ga kowane kuɗi da kowane sashe, da wace ƙa'idar rubutu ake bi. Wajen gyara, shafukan da suka shafi kuɗi, lafiya, ƙorafi da saƙonnin kuskure ake sa wa gaba, tarihin ma'aikata da tsofaffin labarai su biyo baya. Duk lokacin da sabon mutum ya fara rubutu, ko aka sauya manhajar da ke tura saƙonni, sai a sake bin sawun baƙo ɗaya daga shafin farko har saƙon da ke shiga wayarsa.